AWA TAKWAS A TAKARDA, AWA GOMA SHA HUƊU A JIKI: LOKACIN DA KE TSAKANIN DUTI BIYU NA WAYE?



Wani matashi ya turo min tambaya a makon da ya wuce, kuma na ga ya fi kyau in amsa ta a fili, don na san ba shi kaɗai ba ne. Yana aiki a wani gidan abinci a wajejen Titin Gidan Zu a Kano, gidansu kuma yana Rijiyar Lemo. Tsarin aikinsu shi ne a shiga ƙarfe 7 na safe a tashi 11, sannan a dawo ƙarfe 5 na yamma a tashi 9 na dare. Awa huɗu da safe, awa huɗu da yamma. Albashinsa naira 78,000 a wata, hutu rana ɗaya a mako. Maigidansa yakan ce musu: "Ku gode wa Allah, awa takwas kawai kuke yi, ga hutun awa shida a tsakiya, kuma abin da nake biya ya haura mafi ƙarancin albashin gwamnati." Ta fuskar adadi bai yi ƙarya ba, tunda mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne.

Shi kuma yaron ya ce: "Malam, ina fita daga gida ƙarfe 6 na safe, ba na dawowa sai 10 na dare. Wannan awa shidan da ake ce min hutu ne, ni ban taɓa jin ta a jikina a matsayin hutu ba. Shin ina da haƙƙi a cikinta, ko kuwa ƙorafina rashin godiya ne?"

Tambayar ta tsaya min a rai. Ba za a amsa ta da "yi haƙuri" kawai ba, kuma ba za a amsa ta da "maigidanka azzalumi ne" ba. Sai an zauna an auna.

Da farko, raba aiki gida biyu a rana ba haramun ba ne. Akwai sana'o'in da haka yanayinsu yake. Direban motar ɗaukar ƴan makaranta aikinsa na safe ne da lokacin tashi. Gidan abincin da cinikinsa na karin kumallo ne da abincin dare, da rana ba kowa. Mai shago bai yi laifi ba don ya tsara aikinsa a kan lokacin da kwastoma ke zuwa. Matsalar tana wajen awo: wane lokaci ne aka saya, wane ne ba a saya ba, kuma shin wanda ba a saya ba an sakar wa mai shi?

Malaman fiƙihu, a babin ijara, sun kasa ɗan ƙwadago gida biyu. Akwai wanda ake kira ajiri mushtaraki, wato mai yi wa kowa aiki, kamar tela ko wanki da guga. Shi aikin hannunsa ka saya. Ka kai masa yadi, ya ɗinka, ka biya. Ko cikin awa uku ya gama ko cikin kwana uku, ko ya yi barcin rana a tsakani, ba ruwanka, kuma in bai ɗinka ba ba shi da ko kwabo. Sannan akwai ajiri hassi, wanda ka ɗauka ya zama naka kai kaɗai na wani lokaci sananne, kamar yaron shago, direban gida, mai gadi. Shi lokacinsa ka saya. Ƙa'idar da malamai suka kafa a kansa ita ce yana cancantar ladansa da zarar ya miƙa kansa a lokacin da aka yi alkawari, yana shirye ya yi aiki, ko an sa shi ko ba a sa shi ba. Abin da zai zubar masa da lada shi ne a sa shi ya ƙi. Wannan ƙa'ida har a kundin dokokin ma'amala na Daular Usmaniyya, Majallatul Ahkamil Adliyya, an rubuta ta a matsayin doka.

Kuma mu ma mun san ta tun kafin mu karanta ta. Mai gadi ya kwana a ƙofar gidanka, ɓarawo bai zo ba. Da safe za ka ce masa "jiya ba ka yi aiki ba, ba zan lissafa ba"? Ai zaman shi ne aikin. Ko ka duba leburorin da ke zama a bakin titi da sassafe da cebur da diga suna jiran mai ɗauka. Wanda ya zauna har hantsi ba a ɗauke shi ba, ba ya bin kowa bashi, don jiransa na kansa ne, in ya ga dama ya tashi ya tafi. Amma in ka zo ka ɗauke shi aikin yini, ka kai shi wajen gininka, sai motar simintinka ta makara har azahar, ka ce masa "zauna nan, kar ka je ko'ina," to wannan zaman naka ne. Mutum ɗaya ne, zama iri ɗaya ne, a kan bulo ɗaya ma wataƙila. Abin da ya bambanta su shi ne wa ke da iko da ƙafarsa a wannan lokacin. Na san malamai sun yi saɓani idan abin da ya hana aikin daga sama ne, kamar ruwa ya tsuge ya hana gini, wasu suka ce a biya gwargwadon abin da aka yi, wasu suka ce a cika. Amma ba a wannan muke ba. Muna magana ne a kan tsaikon da mai aiki ya tsara da hannunsa, kuma ya riƙe ma'aikacin a cikinsa.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne dokar ƙwadago ta Najeriya ma nan ta faɗo. Sashe na 13 ya ce wanda zai yi aikin awa shida ko fiye a rana dole a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Sannan ya fayyace abin da ake kira hutun: lokaci ne da aka ƙayyade tsawonsa tun kafin ya zo, ma'aikaci yana da ikon yin abin da ya ga dama da shi, kuma ba a tilasta masa zama a wurin aiki ba. To ka ga, suna ba ya mayar da abu hutu. Kana iya rubuta "hutu" a jikin bango da babban baƙi, in yaron ba shi da ikon fita, aiki yake yi.

Don haka na mayar wa mai tambayar da tambayoyi. Na ce, ƙarfe 11 ɗin nan, da ta buga kake fita? Ya ce a'a, ƙarfe 11 ake daina karɓar kwastoma, daga nan sai wanke-wanke, goge tebura, share wuri, a ƙirga abin da ya rage a sito. Ba ya samun kansa sai wajen 11:45. Na ce, da yamma fa, ƙarfe 5 kake shiga? Ya ce ƙarfe 5 ake buɗe ƙofa, amma dole kowa ya kasance a wurin 4:30 don hura gawayi, jera kujeru, tayar da janareta. Wanda ya zo 4:40 an rubuta masa latti. Na ce, tsakanin 11:45 da 4:30 kana iya tafiya duk inda kake so? Ya ce ranakun Talata da Alhamis ba ya iyawa, don ranakun ake kawo kaya, shinkafa da mai da gas, kuma ba a san lokacin da motar za ta iso ba, sai a ce shi da wani su zauna su jira su sauke. Sauran ranaku ba mai hana shi fita.

Jama'a, kun ga awa shidan nan da aka dunƙule aka kira hutu, ashe kashi uku ce, kuma kowane kashi da hukuncinsa.

Bari mu yi lissafin a hankali. Naira 78,000 a raba wa ranakun aiki 26, kowace rana ta kama naira 3,000. Tunda maigidan da bakinsa ya ce awa takwas yake saye, kowace awa naira 375 ke nan.

Kashi na farko shi ne gefe da gefen dutin: minti 45 bayan "an tashi", da minti 30 kafin "a shiga". Wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Wanke tukunya aiki ne, hura gawayi aiki ne. Wanda ake rubuta wa latti a 4:40, dutinsa 4:30 ya fara, ko me aka rubuta a takarda. Minti 75 ke nan kullum. A kwana 26 ya zama minti 1,950, wato awa 32 da rabi. A farashin naira 375, kusan naira 12,200 ne. In ka fi son ka ji shi da kwanaki, yaron nan yana yin aikin kwana huɗu cur kowane wata ba tare da an lissafa ba. Ba wanda ya sa hannu a aljihunsa ya ɗauki kuɗi. Da minti-minti aka kwashe, shi ya sa shi kansa bai san yawansa ba sai da muka buga.

Kar wani ya ce to Malam, yanzu har minti biyar ɗin sa rigar aiki sai an biya? A'a. Al'ada tana da gurbi a shari'a, kuma abin da mutane suka saba yafe wa juna na ɗan ƙanƙanin lokaci ba a bin diddiginsa. Yau ka ƙara minti biyar, gobe an sallame ka da wuri, an yi canjaras. Amma abin da yake kullum ne, dole ne, da horo a kan wanda ya saɓa, kuma kullum ɓangare ɗaya yake cin ribarsa, wannan ya fita daga babin yafiya.

Kashi na biyu shi ne zaman jiran mota ranar Talata da Alhamis. Daga 11:45 zuwa 4:30 awa huɗu ne da minti 45. A nan ne masu wuraren aiki suka fi yin gardama. Za su ce: "Sauke kayan ai bai wuce minti arba'in ba, sauran lokacin yana kwance a kan benci yana danna waya." Haka ne. Amma wa ya kwantar da shi a kan bencin? Da zai iya zuwa Kurmi ya taya ɗan'uwansa tsaron shago, da zai iya zuwa asibiti duba mahaifiyarsa, da zai iya zuwa ɗaukar karatu. Ka ce kar ya tafi. Ka hana shi sayar da lokacin ga wani, ka hana shi mora wa kansa, don amfaninka. Wannan shi ne ainihin miƙa kai da malamai suka ce da shi ake cancantar lada. Kwana takwas a wata, awa 38 ke nan, naira 14,250.

In ka haɗa kashi na farko da na biyu, za ka samu kimanin naira 26,400. Sulusin albashinsa. Ba ina cewa wannan adadin shi ne hukuncin alƙali ba. Ya halatta tun farko a yi yarjejeniya cewa awar jira ba za ta kai farashin awar tsayuwa a gaban murhu ba, a ce rabi ne misali, in duka biyun sun sani sun yarda. In ba a yi yarjejeniyar ba kuma aka yi jayayya, ana komawa ne ga ladan da aka saba biyan irin wannan aiki a garin, abin da malamai ke kira ujratul misli. Abin da babu hanyarsa shi ne a ce farashin awar sifili ne.

Nan ne fa zancen mudu ya shigo. Allah Maɗaukakin Sarki Ya buɗe Suratul Muɗaffifina da narkon azaba ga masu tauye awo, kuma Ya siffanta su da cewa in su za su karɓa sai sun cika, in su za su bayar sai su rage. Mun saba jin ayar sai hankalinmu ya tafi Dawanau, wajen mai tiyar da aka bubbuge gindinta. Amma a cikin Muwaɗɗa, Sayyidina Umar ya yi amfani da wannan kalma ta tauyewa ga mutumin da bai halarci sallar la'asar ba, kuma Imamu Malik ya bi bayan haka da bayanin cewa kowane abu yana da cikawa yana da tauyewa. Lokaci ma abin awo ne. Maigidan da in zai ba da umarni yana lissafin yaron nasa ne daga 7 na safe zuwa 9 na dare, in kuma zai biya sai ya lissafa awa takwas, mudu biyu gare shi: babba na karɓa, ƙarami na bayarwa.

Na san abin da wani ɗan kasuwa zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi, ba zan yi kamar ban ji ba. Zai ce: "Malam, ni ban ɗauki kowa aikin awa ba. Albashin wata muka yi. Ya ga tsarin, ya yarda, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu." To, madalla. In tun ranar farko ka ce masa: "Ina son ka daga 7 na safe zuwa 9 na dare, da wanke-wanke da jiran mota da komai, a kan naira 78,000," ya ji ya amince, ƙullin ya inganta ta fuskar sanin lokaci da sanin lada. Amma daga ranar sai ka daina cewa awa takwas yake yi. Awa goma sha huɗu ka saya, kowace awa ta kama kimanin naira 214, kuma da wannan adadin za ka tsaya gaban mutane da gaban Allah. In kana jin kunyar faɗin adadin a fili, to ka tambayi kanka dalili. In kuwa awa takwas ka ambata masa, a kanta ya yarda. Sauran ba sharaɗi ba ne, ƙari ne da aka ɗora masa bayan ya shiga, a lokacin da ya san in ya yi magana akwai mutum goma a waje masu jiran gurbinsa. Shirun mai tsoron kora ba yarda ba ne.

Shi ya sa shari'a ta dage a kan a san lokaci a san lada kafin a fara. Dubi ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da dattijon Madyana a Suratul Ƙasas. An ambaci shekara takwas a fili, aka ce in ya cika goma to kyautatawa ce daga gare shi ba tilas ba, dattijon kuma ya bayyana cewa ba ya nufin ya tsananta masa. Wajibi daban, ƙari daban, kuma ƙarin a hannun ma'aikaci yake. Mu kuwa sai mu cakuɗa su da kalmar "taimakawa": ɗan taimaka ka jira mota, ɗan taimaka ka zo da wuri. Taimakon da in ka ƙi za a yanke maka albashi, sunansa aiki.

Saura kashi na uku, kuma shi ne ya fi wuya, don a nan ba zan iya ba yaron amsar da yake so ba. Sauran kwana 18 na wata, daga 11:45 zuwa 4:30, an sake shi da gaske. Ya san lokacin dawowa, ba mai kiransa, ba mai tambayarsa ina ya je. A ƙa'idar ijara wannan lokacin nasa ne, kuma ba ya bin maigidansa ladansa. Na faɗa masa haka kai tsaye. Ba zan ɗora wa mutum bashin da shari'a ba ta ɗora masa ba don in faranta wa mai tambaya.

Amma mu dubi yadda "nasa" ɗin yake. In zai je gida, awa ɗaya ce zuwa, awa ɗaya dawowa, a tsakiyar rana, kuma ya ce zuwa da dawowa a adaidaita sahu yana cin masa naira 800. Zai samu awa biyu da minti 45 a gida, a kan kuɗin da ya haura ladan awa biyu na aikinsa. In ya yi haka duk kwana 18, naira 14,400 ta tafi, ban da kuɗin motar safe da dare. Don haka ba ya zuwa. Yana yin azahar a masallacin unguwar, ya kwanta a barandar wani shago, ya yi la'asar, ya koma. Ba zai iya kama wata sana'a ba, don ba mai ɗaukar mutum aikin awa huɗu a tsakar rana ya sake shi daidai ƙarfe 4. Lokaci ne da ba a saya ba, amma an lalata shi. Kamar ka sayi yadi ka ce a yanko maka farko da ƙarshe, a bar wa mai shi tsakiyar da ba ta isa riga ba.

Wannan hasara ce ta gaske, kuma tsarin maigidan ne ya haifar da ita, shi ne kuma yake cin ribarta, tunda da ma'aikaci ɗaya ya rufe cinikin safe da na dare. Ko da ba ta zama bashin da alƙali zai karɓa ba, ba ta fita daga abin da za a tambayi mutum a kansa ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, a hadisin Abu Zarri da ke cikin Bukhari da Muslim, ya kira waɗanda ke ƙarƙashin hannunmu ƴan'uwanmu, ya hana a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, ya ce in an ɗora to a taimaka musu. Mutumin da ke wajen gidansa awa goma sha shida, ya dawo ƴaƴansa sun yi barci, ya fita ba su gama farkawa ba, kwana shida a mako, an ɗora masa abu mai nauyi ko da awa takwas ɗin gaskiya ce.

Wasu ƙasashen sun lura da wannan sun sa masa doka. A Saudiyya, inda aikin safe da yamma ya zama ruwan dare a shaguna, dokar ƙwadago ta hana ma'aikaci ya kasance a wurin aiki fiye da awa 12 a rana, kuma ta ce a lokacin hutu ba ya ƙarƙashin ikon mai aiki. A jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda aka raba wa duti da tazara mai tsawo yana da ƙarin ladan awa ɗaya a farashin mafi ƙarancin albashi, sai dai in abin da ake biyansa ya riga ya haura da abin da ya rufe wannan. Ban kawo su don su zama hujjar shari'a ba. Na kawo su ne don a ga cewa masu hankali a wurare daban-daban sun yarda tazarar nan tana da farashi, ba iska ba ce.

To me maigida mai tsoron Allah zai yi, alhali shi ma yana fama da kuɗin gas da haya da haraji? Ba sai ya rufe shago ba. Ya fara da gyara agogo: a rubuta dutin safe 7 zuwa 11:45, na yamma 4:30 zuwa 9, a biya a kan haka, ko kuma a rage wani wuri don a koma awa takwas ta gaskiya. Jiran mota kuma a yi ɗayan biyu: ko a daidaita da mai kawo kaya ya riƙa zuwa a cikin lokacin duti, ko a riƙa biyan wanda ya zauna, a kuma yi karɓa-karɓa. Za ka sha mamaki, ranar da jiran ya fara cin kuɗin maigida, ranar motar za ta fara zuwa a kan lokaci. Game da sauran tazarar, abincin rana, da wuri mai inuwa da tabarma inda mutum zai miƙe ba tare da an tashe shi aike ba, da ɗan alawus na mota, suna rage zafin abin sosai. Amma a kula da tarkon da ke nan: in ka ba shi wurin kwanciya a cikin shagon sannan ka mayar da shi ɗan aike duk lokacin da ka gan shi, ka dawo da shi kashi na biyu, kuma lada ya hau kanka. In ma'aikatan suna da yawa, a raba su, wasu su yi safe zalla wasu dare zalla, ko a riƙa juyawa mako-mako. Kuma a rubuta. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, addini kuwa ya riga ta son rubuta ma'amala.

Sallar magariba da isha da ke faɗowa cikin dutin yamma ba a cire su daga lada. Malamai sun ambata cewa lokacin sallolin farilla da tsarkinsu a keɓe yake daga lokacin ijara tun asali, ko ba a faɗa ba, kuma ba a rage wa ma'aikaci komai saboda su. Shi ma kar ya mayar da sallar minti goma ta zama hirar minti arba'in a ƙofar masallaci.

Wannan ya kawo ni kan ma'aikacin, don mudu biyu ba a hannun masu gida kaɗai yake ba. Wanda aka saka da rana ya tafi wani aikin ƙarfi ya dawo a gajiye yana gyangyaɗi a gaban kwastoma, ya tauye. Wanda abokinsa ke sa masa hannu a rajista alhali yana hanya, ya tauye kuma ya yi ƙarya. Sannan na ja kunnen mai tambayar a kan abu ɗaya musamman: kar lissafin nan da muka yi ya sa ka miƙa hannu cikin kuɗin ciniki ko kayan sito ka ce kana biyan kanka. An ba ka amana ne a kansu, kuma haƙƙin da kake nema abu ne da ɗayan ɓangaren bai amsa ba tukuna, ba kai za ka zama mai ƙara kuma alƙali ba. Hanyar ita ce ka riƙe ɗan littafi na wata guda, kullum ka rubuta lokacin da ka shiga, lokacin da aka sake ka da gaske, da duk ranar da aka ce ka jira. Sannan ka same shi a keɓe, ba a gaban yara ba, ka ce: "Alhaji, ga abin da na rubuta, a duba min." Da yawa daga masu gidan nan ba mugunta ba ce, ba su taɓa bugawa ba ne. In bai saurara ba, ka nemi wani dattijo ko limamin da yake jin nauyinsa.

Kafin in rufe, akwai abin da ba zan tsallake ba, don kar mu yi ta nuna masu gidan abinci da yatsa. Mu masu makarantun Islamiyya fa? Malami ya zo darasin safe, ya tashi 10, a ce ya dawo ƙarfe 4, a tsakani kuma a ce ya tsaya taron malamai, ya duba takardun jarrabawa, ya jira iyayen da za su zo biyan kuɗi. Ƙarshen wata a lissafa masa darasi biyu, in ya buɗe baki a ce masa aikin Allah ne, ya nemi lada. Ladan Allah yana nan in sha Allahu, amma ba mu aka wakilta mu biya da shi ba. Hadisin da ke cikin Bukhari wanda Allah Ya ce Shi da kansa zai yi jayayya ranar ƙiyama da wanda ya ɗauki ma'aikaci ya karɓi aikinsa cikakke bai ba shi ladansa ba, bai ware masu makarantun addini ba. Ni kaina da na gama buga wa yaron nan lissafinsa, sai na ɗauko jadawalin malamanmu na dube shi da wannan idon, kuma na samu wurare biyu da sai mun gyara kafin albashin wannan watan.

Mai tambayar ya ce zai fara rubutawa daga ranar Asabar. Na ce masa in wata ya cika ya turo min littafin mu duba tare kafin ya kai wa maigidan.

Wallahu a'alam.